Darasi: Yin Tuni Cikin Ladabi Idan Saƙon Rashin Zuwa Aiki Bai Sami Amsa Ba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bambanta sanarwar uzuri da neman izini, ya kuma faɗi abin da shirun shugaba yake nufi a kowanne daga cikinsu;
2. gano inda saƙonsa na farko ya tsaya kafin ya sake rubuta wani;
3. zaɓar lokacin da ya dace da yin tuni;
4. rubuta saƙon tuni gajere, cikakke, wanda babu zargi a cikinsa;
5. sanin matakin da zai ɗauka idan ranar ta ƙarato kuma amsa ba ta zo ba.

1. Abin da shiru yake nufi

Saƙon da ma'aikaci ko ɗalibi yake aikawa game da rashin zuwansa iri biyu ne, kuma wajibi ne ya san wanda ya aika tun kafin ya yi tunanin sake magana. Iri na farko sanarwa ce ta abin da ya riga ya auku wanda ba shi da ikon ɗage shi, kamar zazzaɓin da ya kwantar da shi da asuba, ko rasuwar da aka yi masa cikin dare. Iri na biyu roƙo ne game da abin da bai zo ba tukuna, kamar ɗaurin auren ƙanwa a mako mai zuwa, ko raka mahaifiya ganin likita a ranar da aka ba ta. A na farko abin da ake bukata daga shugaba shi ne ya nuna ya sani, domin a samu wanda zai riƙe aikin. A na biyu kuwa ana bukatar hukuncinsa, wato ya ce ya yarda ko bai yarda ba.

> Akwatin ma'ana
> Sanarwar uzuri: saƙon da yake sanar da shugaba cewa wata larura ta riga ta hana mutum zuwa.
> Neman izini: saƙon da yake roƙon shugaba ya amince da rashin zuwan mutum a wata rana mai zuwa.
> Tuni: saƙo na biyu da ake aikawa domin jawo hankali ga saƙon farko da ba a amsa ba.
> Fashin aiki: rashin zuwa aiki ba tare da izini ko uzuri karɓaɓɓe ba.

Hausawa sukan ce shiru ma magana ce, amma a sha'anin aiki ba a gina hukunci a kan wannan karin magana, domin shirun shugaba ba izini ba ne, kuma ba hani ba ne. Wanda ya nemi izini bai ji komai ba, sannan ya kama hanya yana cewa ai ya faɗa, a takarda zai iya zama mai fashin aiki. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya sun sanya rashin zuwa aiki ba da izini ba cikin manyan laifuffukan aiki, waɗanda ake ba ma'aikaci takardar tuhuma a kansu, har su kai ga sallama. A kamfanoni da shaguna ma, mai wurin aiki yakan yanke kuɗin ranar ko ya daina amincewa da mutum. Haka kuma wanda ya ɗauki shiru a matsayin hani, ya fasa uzurinsa yana jin haushi a zuciya, mai yiwuwa ya cuci kansa a banza, tun da sau da yawa shugaban bai ma ga saƙon ba. Saboda haka nauyin samo amsa bayyananniya yana kan wanda ya aika saƙon, kuma tuni shi ne hanyar sauke wannan nauyi.

2. Gano inda saƙo ya tsaya

Kafin a sake rubutu, ana fara duba saƙon farko, domin tunin da ya dace da saƙon da bai isa ba daban yake da wanda ya dace da saƙon da aka karanta aka ajiye. Saƙo yana iya tsayawa a ɗaya daga wurare uku: bai isa ga wanda aka aika wa ba, ko ya isa amma ba a buɗe ba, ko an buɗe amma ba a amsa ba.

A manhajar WhatsApp alamomin da suke gefen saƙo suna bayyana wannan. Hoton ƙaramin agogo yana nufin saƙon bai fita daga wayar mai aikawa ba, galibi saboda rashin data ko raunin sabis. Alamar ✓ guda ɗaya mai launin toka tana nufin saƙon ya fita amma bai sauka a wayar wanda aka aika wa ba, wataƙila wayar tana kashe ko ba ta kan intanet. Alamomi biyu masu launin toka suna nufin ya sauka, idan kuma suka zama shuɗɗa to an buɗe shi. Sai dai wannan shaida tana da iyaka ta fuska biyu. Mutum yana iya kashe alamar shuɗi a wayarsa, ya karanta saƙo alamomin suna nan da launin toka. Sannan buɗe saƙo ba ya tabbatar da cewa an karanta shi a natse, domin shugaba yana iya buɗe shi a tsakiyar taro ko a kan hanya, ya yi niyyar amsawa daga baya, wasu saƙonni su binne shi.

Idan saƙon tes ne ko imel, ana duba lambar waya ko adireshin harafi bayan harafi, a tabbatar saƙon yana cikin jerin waɗanda aka aika, a kuma duba ko wata sanarwa ta dawo cewa bai isa ba. Idan wasiƙa ce ta takarda, abin tambaya shi ne wa ya karɓa, yaushe, kuma ko ta kai teburin shugaba ko tana cikin fayil a ofishin magatakarda. Wannan ne ya sa ake son mai kai wasiƙa ya tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ko a sa hannu da kwanan wata a dawo masa da shi.

> Akwatin ma'ana
> Kwafin shaida: kwafin wasiƙa da aka buga wa hatimi ko aka sa wa hannu da kwanan wata, wanda mai wasiƙar yake ajiyewa domin ya nuna an karɓa.

Bayan duba hanya, ana duba saƙon kansa, domin wani lokaci shi ne sanadin shirun. Saƙon da ya ce "ba zan samu zuwa ranar Alhamis ba" bai tambayi kowa komai ba, don haka shugaba yana iya karanta shi ya ɗauka ba a jiran amsa. Saƙon da aka aika daga sabuwar lamba ba tare da suna ba, ko wanda aka jefa cikin zauren ma'aikata inda mutane da yawa suke magana, ko saƙon murya mai tsawon minti huɗu, duk suna da saurin ɓacewa. Haka nan saƙon da aka aika wa wanda ba shi da ikon ba da izini ba zai samu amsa mai amfani ba ko da an karanta shi. Idan mai koyo ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kurakurai, tuninsa ya zama gyaran saƙon farko ne, kuma ya kyautu ya ɗauki laifin a kansa cikin jimla ɗaya.

3. Lokacin yin tuni

Abin da yake ƙayyade lokacin tuni shi ne tazarar da ta rage kafin ranar rashin zuwan, da kuma irin ɓarnar da za a yi idan ba a samu mai riƙe aikin ba. Gaggawar tuni tana sa mutum ya zama mai takura, jinkirinsa kuma yana sa amsa ta zo lokacin da ba ta da amfani. Ana iya bin wannan ma'auni, tare da la'akari da al'adar kowane wurin aiki:

- Idan larura ce ta yau, kamar rashin lafiyar da ta taso da asuba, ana jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a kira a waya, kuma ana so a yi haka kafin lokacin fara aiki.
- Idan saura kwana biyu zuwa huɗu, ana barin yinin aiki ɗaya ya wuce, a yi tuni washegari da safe.
- Idan saura mako ɗaya ko fiye, ana jira kwana biyu ko uku na aiki.

Ranakun aiki ake ƙirgawa, ba ranakun hutu ba. Saƙon da aka aika ranar Juma'a da yamma zuwa ofishin da ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, ana ɗaukarsa tamkar ya isa ranar Litinin da safe. Kuma duk yadda aka tsara, ya kamata tuni na ƙarshe ya bar wa shugaba aƙalla yinin aiki guda cikakke, domin ya samu damar sauya jadawali ko nemo wanda zai maye gurbi. Game da sa'a kuwa, farkon lokacin aiki ya fi dacewa. Ana guje wa tsakar dare, da lokutan salla, da lokacin tafiya masallacin Juma'a, da lokacin buɗa baki a watan azumi, sai fa idan larurar ta gaggawa ce wadda ba ta jira.

4. Ginin saƙon tuni

Saƙon tuni mai kyau yana tsayawa da ƙafarsa, ma'ana wanda bai taɓa ganin saƙon farko ba zai fahimci komai daga gare shi ba tare da ya koma nema ba. Wannan ne ya sa saƙonni irin su "ina jiran amsa" ko "Malam, ya batun nan?" ba su da amfani, domin suna ɗora wa shugaba aikin tuna wane batu ake nufi. Saƙon yana da sassa biyar, kuma jimla ɗaya ta ishi kowane sashe.

Sashe na farko gaisuwa ce da ambaton matsayin wanda ake rubuta wa, kamar "Ranka ya daɗe" ko "Ranki ya daɗe", ko "Malam", "Hajiya", "Yallaɓai", gwargwadon yadda aka saba kiransa, sannan mai rubutu ya faɗi sunansa da sashensa. Na biyu shi ne nuni ga saƙon farko, da ranar da aka aika shi da hanyar da aka bi. Na uku maimaita bukata ce a taƙaice, da sunan rana da kwanan wata, domin kalmomi irin su "gobe" da "jibi" suna sauya ma'ana idan an karanta saƙon a makare. Na huɗu shi ne bayanin tanadin da aka yi wa aikin, wato wanda zai riƙe shi da abin da aka miƙa masa, kuma wannan sashe ne ya fi sauƙaƙa wa shugaba amsawa, tun da ya ɗauke masa damuwar da take sa shi jinkiri. Na biyar tambaya ce guda ɗaya wadda za a iya amsa ta da kalma ɗaya, tare da lokacin da ake bukatar amsar da dalilinsa, sai godiya.

Ladabin tuni yana cikin kyautata zato. Mai rubutu yana ba shugaba uzuri tun kafin ya nema, da maganganu irin su "na san ayyuka sun yi yawa" ko "wataƙila saƙon bai iso ba", domin shugaban ya samu hanyar amsawa ba tare da ya ji an kama shi da laifi ba. Abin da ake gudu shi ne duk jimlar da take ƙirga gazawar wanda ake rubuta wa, kamar "na ga ka karanta ba ka amsa ba", ko "wannan shi ne karo na uku", ko jerin alamomin tambaya ba rubutu. Haka nan ba a rubuta "idan ban ji daga gare ka ba zan ɗauka ka amince" a saƙon neman izini, domin wannan ƙwace hukunci ne daga hannun mai shi, kuma ba ya kare ma'aikaci idan an tuhume shi. A ɗaya ɓangaren, yawan ban haƙuri da doguwar gaisuwa suna binne bukatar, har mai karatu ya kai ƙarshe bai gane abin da ake so ya yi ba.

Misali na 1: neman izinin kwana biyu

Wata malamar aji huɗu a makarantar firamare tana bukatar raka mahaifiyarta asibiti a wani gari, inda aka ba su ranar Alhamis 12 ga wata, kuma ba za su dawo ba sai Juma'a da yamma. Ranar Litinin 9 ga wata da ƙarfe 10 na safe ta aika wa hedimasta saƙon WhatsApp, alamomi biyu suka zama shuɗɗa da rana, amma har aka tashi babu amsa. Da ta sake karanta saƙonta sai ta ga ta ba da labarin tafiyar ne kawai, ba ta yi tambaya ba, ba ta kuma ambaci wanda zai riƙe ajin ba. Tun da saura kwana uku, ta bar Litinin ta wuce, ta yi magana da wani abokin aikinta ya yarda zai riƙe ajin idan an amince, sannan ranar Talata da ƙarfe 8 na safe ta rubuta:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da safiya. Malamar aji huɗu ce. Ina tuni ne game da saƙon da na turo jiya Litinin, wanda na lura ban fayyace bukatata a cikinsa ba. Ina neman izinin kwana biyu, Alhamis 12 da Juma'a 13 ga wata, domin raka mahaifiyata asibiti. Malamin aji biyar ya yarda zai riƙe ajin idan ka amince, kuma zan bar masa tsarin darussan a rubuce. Ko an ba ni izini? Zan so in sani zuwa gobe Laraba da rana, saboda shirin mota. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A wannan saƙo dukkan sassa biyar sun bayyana, kuma malamar ba ta ambaci cewa an buɗe saƙonta na farko ba, duk da ta ga alamar. Ta kuma ce "idan ka amince" game da wanda zai riƙe ajin, domin rabon azuzuwa hurumin hedimasta ne, nata shawara ce kawai.

5. Sauya hanya da hawa mataki

Idan tuni na farko bai kawo amsa ba, ba a maimaita shi ta hanyar da ta riga ta gaza. Wanda ya aika saƙon rubutu sai ya kira a waya, wanda ya kira bai samu ba sai ya je da ƙafarsa idan yana da hali, ko ya kai wasiƙa ofis ya karɓi kwafin shaida. Kira ɗaya ko biyu masu tazara sun wadatar, a bi su da gajeren tes mai faɗin wanda ya kira da dalili. Ba a yi wa shugaba filashin domin ya kira, tun da mai bukata shi ne yake ɗaukar kuɗin kira. Idan aka samu amsa da baki, a waya ko ido da ido, ana bin ta da rubutaccen saƙo nan take, domin maganar baki tana saurin mantuwa, rubutu kuwa yana zama shaida ga ɓangarorin biyu.

> Akwatin ma'ana
> Hawa mataki: kai bukata ga mutum na gaba da yake da ikon yanke hukunci, bayan an kasa samun wanda ya kamata a fara tambaya.
> Saƙon tabbatarwa: gajeren rubutu da yake maimaita abin da aka amince da shi da baki.

Hawa mataki yana da tsari. Ana fara zuwa ga mataimakin shugaba ko wanda yake riƙe da ofis a madadinsa, ko jami'in kula da ma'aikata idan wurin yana da shi, ba a tsallake su zuwa ga babban shugaba ba. Ana gabatar da maganar a matsayin neman mafita saboda ƙurewar lokaci, ba a matsayin ƙara ba, sannan a sanar da shugaban farko cewa an yi hakan, domin kada ya ji labari daga wani bakin ya ɗauka an zagaye shi.

A misalin malamar, tuninta na Talata bai samu amsa ba. Ranar Laraba da safe ta leƙa ofishin hedimasta, aka shaida mata ya tafi taro a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ta kira sau ɗaya bai ɗauka ba, sai ta rubuta bukatarta a takarda kwafi biyu, ta kai wa mataimakinsa wanda yake riƙe da makarantar, ta ce masa: "Malam, na nemi izini wurin Yallaɓai tun Litinin, da alama taro ya riƙe shi, ga shi tafiyar gobe ce. Ko za ka duba mini?" Mataimakin ya amince ya sa hannu a kwafinta da kwanan wata. Daga nan ta aika wa hedimasta wannan saƙo: "Ranka ya daɗe, da na ji kana wurin taro na kai bukatar ga mataimakinka, ya kuma amince da Alhamis 12 da Juma'a 13. Malamin aji biyar zai riƙe ajin. Zan dawo aiki Litinin 16 ga wata da yardar Allah."

Misali na 2: larurar da ba ta jiran izini

Wani mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ya aika wa manaja saƙo da ƙarfe 6 na safe, amma har 6:45 alamar ✓ ɗaya ce, ga shi ana buɗe sito da ƙarfe 8 kuma makulli yana hannunsa. A nan matsalar ba ta izini ba ce, domin ba zai iya zuwa ba ko an amsa ko ba a amsa ba. Matsalar ita ce saƙon bai isa ba, kuma motocin ɗaukar kaya za su tsaya. Ya kira manajan ya ji wayar a kashe, sai ya kira mataimakinsa ya sanar da shi, suka shirya ƙaninsa ya kai makullin hannun mataimakin da kansa. Sannan ya aika wa manajan tes, wanda ba ya bukatar data kafin ya sauka:

"Yallaɓai, barka da asuba. Mai kula da sito ne. Na turo saƙo da ƙarfe 6 amma bai sauka ba. Ba ni da lafiya, ba zan samu zuwa yau Talata ba, zan tafi asibiti. Na sanar da mataimakinka, makulli yana hannunsa. Zan sanar da kai abin da likita ya ce kafin la'asar. Don Allah a nuna mini idan saƙon ya iso."

Wannan saƙo bai tambayi ko an yarda ba, ya nemi shaidar isowa ne kawai, ya kuma yi alkawarin ƙarin bayani a lokaci sananne. Wajibi ne mai sito ya karɓi takardar likita a asibiti, domin sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikatan da dokar ta shafa, wato masu aikin ƙarfi da na akawu, haƙƙin a biya su albashin har kwana 12 na aiki a shekara idan sun kwanta rashin lafiya, da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Saƙon waya yana nuna an sanar a kan lokaci, takardar likita kuma ita take tabbatar da uzurin, don haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

6. Idan ranar ta zo babu amsa

Yana yiwuwa a bi dukkan matakan nan amma ba a samu kowa mai ikon amsawa ba. A wannan hali ana komawa ga bambancin da aka fara darasin da shi. Idan bukatar tana ɗaguwa, ko wani zai iya wakiltar mutum a cikinta, kamar biki ko ziyara, abin da ya fi aminci shi ne ya je aiki, ya nemi izinin ido da ido, ko da na rabin yini ne. Idan larura ce ta gaske, kamar ciwo ko haihuwa ko jana'izar makusanci, sai ya tafi, amma ya bar saƙo na ƙarshe mai faɗin dalili da ranar dawowa da wanda ya riƙe aikin, ya kuma sani cewa wannan bai zama izini ba, uzuri ne da zai gabatar a duba.

Ranar da ya dawo, yana fara zuwa wurin shugaba kafin ya zauna bakin aiki, ya gaishe shi, ya miƙa takardar shaida idan akwai, ya cika duk takardar da wurin aikin ya tanada. Ba ya goge saƙonnin da ya aika, kuma yana ajiye hotonsu da kwafin shaida, ba domin ya nuna wa shugaba gazawarsa ba, sai domin idan takardar tuhuma ta zo ya amsa ta da ranaku da sa'o'i tabbatattu. Wannan tsari duka ya shafi ɗalibin ajin manya da yake sanar da malaminsa, da almajirin sana'a da yake sanar da maigidansa, sai dai a waɗannan wurare zuwa da ƙafa ko aika babban mutum yakan fi rubutu tasiri.

Taƙaitawa

Shirun shugaba ba izini ba ne kuma ba hani ba ne, don haka mai saƙo shi ne zai nemo amsa. Yana fara duba inda saƙon ya tsaya da kuma ko saƙon ya yi tambaya, ya zaɓi lokacin tuni gwargwadon kwanakin da suka rage, ya rubuta saƙo mai sassa biyar wanda ya kyautata zato, ya sauya hanya idan ta farko ta gaza, ya hau mataki bisa tsari, sannan ya mayar da duk amsar baki rubutacciya.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin sanarwar uzuri da neman izini, kuma wace irin amsa kowanne yake bukata?
2. Me alamar ✓ guda ɗaya take nufi a WhatsApp, kuma me ya sa alamomi biyu shuɗɗa ba su tabbatar da cewa an karanta saƙo a natse ba?
3. Kawo kurakurai uku a saƙon farko da suke iya jawo shiru.
4. An aika neman izini ranar Juma'a da ƙarfe 5 na yamma game da Alhamis mai zuwa, zuwa ofishin da ba ya aiki Asabar da Lahadi. Wace rana ta dace da tuni na farko, kuma don me?
5. Lissafa sassa biyar na saƙon tuni, ka nuna kowanne a cikin saƙon malamar da ke Misali na 1.
6. Me ya sa bai dace a rubuta "idan ban ji daga gare ka ba zan ɗauka ka amince" ba?
7. Gyara wannan saƙo ya zama tuni na ladabi: "Malam, tun jiya na turo maka saƙo ka karanta ka yi shiru. Gobe fa ba zan zo ba."
8. A Misali na 2, me ya sa mai sito ya koma ga kira da tes, kuma mene ne amfanin takardar likita a gare shi?

Aikin gida

Kowane mai koyo ya zaɓi uzuri ɗaya da ya shafi aikinsa ko karatunsa, ya rubuta saƙon farko, da saƙon tuni, da saƙon tabbatarwa, kowanne kada ya wuce jimla bakwai, ya kawo su aji a darasi na gaba domin a karanta a gyara tare.